Tudu a Bakin Safa

Yatsu biyu aka yanke wa Malam Ishiyaku a ƙafar hagu, babban yatsa da mai bi masa, wata ranar Talata a shekarar dubu biyu da huɗu. Da ya farfaɗo ya tambaye ni ko an gama. Na ce an gama. Ya ce to, madalla. Ni ma na ce madalla. Shekara arba'in da uku da aurenmu, abin da muka samu muka faɗa ke nan.

Ciwon suga ya daɗe da kashe masa ji a ƙafafu. Mutum ne da yake kama kuskuren wasali ɗaya a bakin mai karatu daga bayan katanga, amma ƙusa ta taɓa shiga diddigensa bai sani ba sai da na ga jini a tabarma. Daga nan likita ya hana shi silifa, ya ce sai takalmi sau-ciki da safa. Safar kasuwa robarta tana cin idon sawu, saboda haka na ɗauko tsinkayen saƙata da na ajiye tun ina koyarwa a firamare, na saƙa masa ƙafa uku, ruwan toka. Ya so su ƙwarai. Ko baƙo ya zo ɗaukar karatu sai ya ɗaga ƙafa ya ce aikin Malama ne.

A asibiti a Kano, kwana biyu bayan aikin, wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe da ledar kayansa a hannu.

"Mama, wa ya saƙa wa Baba wannan?"

"Ni ce," na ce, har da ɗan ɗaga kai.

Ta juya safar ciki waje. A bakin yatsu, inda na haɗa sama da ƙasa, akwai tudun ɗinki kamar igiyar guga ƙarama. Haka na saba rufe baki tun ina budurwa: in sauke idanun saƙar, in juya, in bi da allura in ɗinke tam. Ta kama yatsana ta bi da shi kan tudun. A daidai gefen babban yatsa zaren ya yi tauri, ya yi baƙi.

"Nan ne yake gogarsa duk takun da ya yi. Mai lafiya zai ji, ya cire. Shi ba ya ji. Ki lura da ta dama, Mama. Ita ma ta fara ja a wurin."

Na ce na gode. Na ninke safar na sa a jaka. Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Na je na sayo masa ayaba, na manta an hana shi, na zauna a benci na cinye biyu.

Kafin mu dawo Rano an riga an gama bincike. Yaya Fanta, yayar Malam, wadda ta ba shi shekara shida kuma har yau take ce masa yaro, ita ce ta yanke hukunci: takawa ya yi. An binne masa abu a ƙofar makaranta.

"Ciwon Allah yana zaɓar yatsa? Ku dubi yadda ya ja layi, kamar an sa zare an auna. Wannan aikin hannu ne."

"Aikin hannu ne kam," na ce.

"Kin gani! Yau ko 'yar boko ta yarda."

Ni dai tun ina ƙarama ban taɓa ganin abin da aka binne ya fito ya ciji mutum ba, sai rogo. Da can da na faɗa mata haka, mu kwashi rabin yini muna gardama. A wannan karon na yi shiru, shirun kuma ya yi mini daɗi, domin muddin ana neman maƙiyi a waje ba wanda zai duba jakata.

Matsalar ita ce Malam ya karɓi zancen, ko dai bai musa ba. Wanda kuwa ya yarda ƙasa ce ta cuce shi ba shi da dalilin tsoron safa. Likita ya ce bayan sati shida zai iya sa takalmi ya taka zuwa masallacin Juma'a. Tun a sati na biyu ya fara tambaya.

"Malama, ina safata?"

"Suna wanki."

A sati na uku ma suna wanki. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ashe rijiyar gidan nan ta yi zurfi.

Na tono wani tsohon littafin saƙa da muka yi amfani da shi a kwalejin horon malamai mata. A shafin ƙarshe akwai hanyar rufe bakin safa ba tare da tudu ba, wai ɗinkin Kitchener, sunan wani babban sojan Ingila. Ban yarda mutumin ya taɓa riƙe allura ba. Wata mata ce ta yi wahalarta aka liƙa masa. Na tuna ranar da aka koya mana. Na ce wa malamar wannan ɓata lokaci ne, wa zai leƙa cikin safa? Aka yi dariya, na ji daɗin kaina. Ina da shekara goma sha bakwai.

Na karanta shafin sau biyar. Turancin na gane shi sarai, hannuna ne bai gane ba. Sai na shiga mota zuwa Kibiya wurin Laraba, 'yar ajinmu, wadda ta yi ungozoma har ta yi ritaya, yanzu kuma take saƙa wa jarirai hula da safa.

"Lubabatu mai ja da malamai! Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Bakin safa na zo ki koya mini."

"Bayan shekara hamsin? Ai kin ce ba mai leƙawa."

"An leƙa."

Ta kalle ni. Ungozoma ce, ta san lokacin da ba a tambaya. Ta jawo kwandonta.

Abin da ta nuna mini ba ɗinki ba ne, ko da yake da allura ake yi. Ba a sauke idanun saƙar. Ana barin su a raye, rabi a kan tsinke ɗaya, rabi a kan ɗayan, daidai wa daida, sha biyu da sha biyu. A jera tsinkayen biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, fuskar saƙar tana waje, zaren yana fitowa daga tsinken baya ta hannun dama. A yanke zaren da tsawon da ya ninka faɗin bakin sau uku da ɗan ƙari, a zura shi a allura mai dakusasshen baki don kada ta tsaga zare. Sai allurar ta riƙa bin hanyar da zare zai bi da a ce saƙa shi ake yi. In an gama, sabon layi ne ya shiga tsakani, ba wanda zai nuna inda sama ta ƙare ƙasa ta fara.

"Ido yana da ƙofa biyu," in ji Laraba. "Ko ki shiga ta hagunsa kamar za ki yi saƙar gaba, ko ki shiga ta damansa kamar za ki yi saƙar baya. Kowane ido sau biyu allura take ratsa shi. Na farko ki bar shi a kan tsinke, na biyu ki sauke shi. Shi ke nan karatun."

"Shi ke nan?"

"Haka alifun ba'un ma yake, har sai kin zauna gaban allo."

Da farko akwai shimfiɗa, sau ɗaya tak: idon farko na gaba, ta dama, a bari, idon farko na baya, ta hagu, a bari. Daga nan sai taku huɗu da za a yi ta maimaitawa. Tsinken gaba: ta hagu, sauke, na kusa da shi ta dama, bari. Tsinken baya: ta dama, sauke, na kusa da shi ta hagu, bari. Laraba tana yi tana rerawa a hanci, kanta yana kaɗawa kamar mai daka.

"Hagu sauke, dama bari. Dama sauke, hagu bari. Ki bi da zaren ƙarƙashin bakin tsinkayen, kada ya hau kansu, sai ya zame miki ido na ƙarya. Kada ki ja shi da ƙarfi. Bar shi sako-sako, in kin kai ƙarshe ki dawo ki gyara ido-ido har ya yi daidai da 'yan'uwansa. In kin matse, kin sake yin tudunki."

Na gwada a kan wani ƙyalle da ta saƙa don koyo. A ido na biyar jikarta ta yi sallama, na amsa, na dawo ban san inda nake ba. Na shiga ta dama inda ya kamata in shiga ta hagu. Wani ɗan ƙulli ya fito kamar ƙwayar gero.

"Ga shi nan," in ji Laraba. "Dokar ɗaya ce. Ba a tsayawa sai huɗun sun cika. Ko gobara ce, ki kai hagu bari tukuna."

"Sallama fa? Amsa ta wajibi ce."

"Malaminku ya ce a cikin daƙiƙa nawa?"

Na dawo gida da farin zare mai laushi. Fari na zaɓa saboda ko ɗigon jini ya fito in gani. Jikin safar bai ba ni wahala ba, hannuna ya san wannan tun da daɗewa. Kwana goma sha biyu na kai bakin yatsu a duka biyun. Nan na tsaya.

Gidan mara lafiya ba ya rabo da sallama, balle gidan malami. Dole in yi aikin da rana a tsakar gida, gefen gadon da muka fito masa da shi ƙarƙashin rumfa, don idona ba ya ganin farin zare sai da hasken rana. Laraba tana cika huɗunta kafin a ce kwabo. Ni kuwa kowane taku sai na tsaya na tambayi kaina ina hagun ido. Kafin in kai na uku sai in ji salamu alaikum, bakina kuma ya amsa da kansa, shekara sittin da bakwai yana wannan aikin. Ya jikin Malam, da sauƙi, ya muka ji da wannan abu, sai haƙuri, ya yara, ya zafi. In na sunkuyar da kai sai in tarar da idanu biyu suna kallona, ban san wanda na ratsa ba.

Warwarewa ta fi yi wuya. Sai an bi zaren baya-baya, ana mayar da kowane ido kan tsinke kafin ya zame. Na warware bakin safar farko sau huɗu, har zaren ya yi gashi na canja shi. Yatsuna sun tsufa, ba sa jin ƙaramin ƙulli, sai na koma gwadawa da leɓe, kamar yadda ake gwada zafin kunun jariri. Leɓe ba ya ƙarya.

Ban ji haushi ba, ban ji tsoro ba. Ina tashi, in wanke masa ciwon, in duba ƙafar dama tsakanin yatsu, in ba shi magani, in zauna in ce hagu sauke. Abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya. A rediyo ana ta gardamar 'yan siyasa da ta malamai, ni kamar ana ruwa a wani gari.

"Wannan wace sura ce kike ta bita?" Malam ya tambaya wata ranar Litinin.

"Ba ta cikin naku."

"Gajera ce dai. Amma kina cin gyara."

Ranar Laraba na samu ta farko ta fita lafiya, don an yi ruwa da hantsi ba wanda ya zo. Na bi ta da leɓe daga gefe zuwa gefe, ban ji komai ba. Saura ta dama, ta ƙafar da take da yatsu biyar. Ranar Alhamis na ɓata ta sau biyu.

Ranar Juma'a tun da hantsi ya sa aka ɗauko masa babbar riga da takalmi. Na zauna da tsinkaye biyu a hannu, na yi shimfiɗa, na fara.

"Malama, bar wannan. Kawo mini tsofaffin. Na san suna cikin jakarki ta asibiti, ba su ga ruwa ba."

"Saura kaɗan."

"Tun jiya saura kaɗan. Sati shida ban ga sahu ba. Ba zan rasa Juma'a saboda kwalliya ba."

Na ajiye tsinkayen a kan tabarma a hankali, bayan na kai hagu bari. Na shiga ɗaki na ɗauko safar hagu, wadda aka nuna mini. Na juya ta, na sa masa a hannu. Hannunsa yana ji sarai, hannun da ya rubuta Alƙur'ani sau uku da ka. Na kama babban yatsansa na bi da shi kan tudun, har wurin da ya yi tauri. Sannan na nuna masa jan layin da bai gama ɓacewa ba a kan yatsun ƙafar dama.

"Ba wanda ya binne maka komai. Ni na ɗinka shi. An koya mini yadda ake yi ba tudu, na ce ɓata lokaci ne."

Na faɗe shi kamar mai karanta sanarwa. Ya daɗe yana murza wurin. Kaza ta zo ta wuce tsakaninmu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun asibiti."

"Kika bar Yaya tana zagin mutane."

"Na bari."

Ya ninke safar gida biyu, ya tura ƙarƙashin matashi. Bai ce ya yafe ba, bai ce ƙaddara ba, alhali na san da wani ne ya kawo masa wannan shari'ar da ita zai fara. Ya kalli inuwar rumfa ya ga inda ta kai.

"Ido nawa ya rage?"

"Tara da tara."

"To zauna."

Na zauna. Na ɗauki tsinkayen. Hagu sauke, dama bari. Dama sauke, hagu bari. Takwas. Bakwai. Na shiga ta hagu na sauke, na shiga ta dama na bari, sai ga muryar Yaya Fanta daga zaure.

"Salamu alaikum! Masu gida ko an yi ƙaura?"

Amsar ta taso mini har maƙogwaro. Na danne ta da haƙori.

"Wa alaikumus salam, Yaya, shigo," in ji Malam. Sannan, ba tare da ya sauya murya ba: "Baya kike. Dama sauke."

Na shiga ta dama na sauke.

"Lubabatu, ba ki ji ni ba ne? Ko bokon ya kai ga hana amsa sallama?"

"Hagu bari," in ji Malam. "Na amsa mana mu biyu, Yaya, ya isar. Zauna ga tabarma. Hagu sauke."

"Ikon Allah. Yaro, kai ma saƙar ka koma? Na zo maka da labari, an gano mini wanda ya yi aikin nan."

"Ni ma an gano mini. Dama bari. Yaya, ki bar zancen nan daga yau, kada in sake jin an kira sunan kowa. Dama sauke. A'a, Malama, na ga allurarki, ta hagu kika nufa. Dama biyu ne a jere."

Gaskiyarsa. Na janye na shiga ta dama. Sati biyu yana kwance yana jin ina bita, ashe ya haddace, har da inda nake yawan faɗuwa. Ya ci gaba da ja mini baƙi da muryar da yake yi wa manyan ɗalibai, ba sauri ba jinkiri, yana amsa wa yayarsa a tsakani. Ya jiki, da sauƙi, hagu bari. A wajen ido na huɗu na lura allurar tana isa kafin ya faɗa. Ban ƙara tambayar kaina ina hagun ido ba. Ya ji haka, sai ya yi shiru, kamar yadda yake yi in ɗalibi ya kama hanya.

Da ya rage ɗaya da ɗaya, na shiga na gaba ta hagu na sauke, na shiga na baya ta dama na sauke. Tsinkayen suka zama ba komai a kansu. Na koma farkon layin da bakin allura, ina jan sakon zaren ido-ido zuwa ƙarshe, har sabon layin ya ɓace cikin sauran. Ragowar zaren na bi da shi ta gefe, can saman ƙafa, nesa da yatsu. Na juya safar na kai leɓe.

"Yanzu kuma sumbatar safa ake?" in ji Yaya Fanta. "Sannu, Lubabatu."

"Yawwa, Yaya. Wa alaikumus salam. Kin zo lafiya?"

"Sai yanzu?"

Na durƙusa na sa masa ta hagu a kan bandeji, na sa ta dama, na gyara bakin ya zauna daidai kan yatsu biyar. Na zura hannu cikin takalman na tabbatar ba tsakuwa.

"Yaya ka ji ta?" na tambaya, don bakina ya saba.

"Malama, ni da ba na ji."

Maƙwabcinmu ya zo da mota ya ɗauke shi. Yaya Fanta ta zauna tana ba ni labarin tsadar barkono, ina cewa haka ne. Na ji huɗuba daga nesa, na ji an tayar, na ji an sallame. Na yi sallata na dawo na zauna a inda nake.

Da ya dawo ya zauna bakin gado, ya miƙo ƙafar dama. Na cire takalmin. Safar fara ce tas. Na cire ta, na ɗaga ƙafar zuwa haske, na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa da tsakani. Tsohon layin yana nan yadda yake da safe. Babu sabo.

"Yaya ƙafar?" ya ce.

"Biyar."

"To."

Ya kwanta ya juya fuska bango. Na jiƙa safar a ƙaramin kwano. Ƙafa ɗaya ba za ta ishe shi ba, dole a samu ta canji kafin wannan ta bushe. Na ɗauko ragowar farin zaren na fara ɗora idanu a kan tsinke.